Darasi na 9: Saƙo zuwa ga mai kai kaya da ya ce ya kai alhali kaya ba su isa ba

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. Bayyana abin da kalmar Delivered take nufi a fuskar waya, da abin da ba ta tabbatarwa.
2. Tattara hujjojinsa kafin ya rubuta komai.
3. Rubuta saƙo ɗaya mai neman shaidar miƙa kaya, da wa'adi, da mafita.
4. Amsa uzurin da masu kai kaya suka fi kawowa.

1. Mene ne Delivered?

Mai sayar da kaya ta waya, ko atamfa ce daga Kantin Kwari ko turaren wuta ko takalma, ba ya ganin kwastomansa ido da ido. Tsakaninsu akwai mutum na uku, wato kamfanin aike ko ɗan aike mai babur. Idan kamfanin yana da manhaja ko shafi, mai kaya yakan sa lambar da ke jikin rasit ɗinsa ya ga inda aka kwana: an karɓa, yana hanya, sai a ƙarshe kalmar Delivered ta fito, ma'ana an miƙa. Da yawa daga cikinmu da zarar mun ga wannan kalma sai mu ɗauka zance ya ƙare, kamar na'ura ce ta gani da idonta. Na'ura ba ta ga komai ba. Mutum ne ya danna maɓalli a wayarsa, kuma mutum yana iya dannawa a ƙofar gidan kwastoma, yana iya dannawa a gindin bishiya yana shan shayi. Saboda haka wannan kalma da'awa ce daga bakin mai kai kaya. Ƙa'idar da kowa ya sani a gaban alƙali ita ce wanda ya yi da'awa shi ke kawo shaida, kuma a kan wannan ƙa'ida darasin nan ya tsaya: aikin saƙonka shi ne ya nemi mai kai kaya ya nuna shaidar abin da ya ce ya yi.

> Akwatin kalmomi
> Lambar bin sawu: lambar da kamfanin aike yake bai wa kowane ƙunshi, ana samunta a jikin rasit ko webil.
> Webil: takardar da ke ɗauke da sunan mai aikawa, sunan mai karɓa, adireshi da bayanin kaya.
> Shaidar miƙa kaya: abin da ke nuna wa aka ba kaya, a ina, da ƙarfe nawa, misali sa hannu, hoto, ko lambar sirri.
> Lambar sirri: 'yan alƙaluma da wasu kamfanoni ke tura wa mai karɓa, waɗanda zai faɗa wa ɗan aike bayan kaya sun shiga hannunsa.

Me ya sa ake danna an miƙa alhali ba a miƙa ba? Sanin wannan ne zai hana ka rubuta abin da za ka yi da-na-saninsa. Wani lokaci ɗan aike yana da adadin kayan da ake so ya kammala a rana, yamma ta yi, sai ya danna duka da niyyar ya ƙarasa kaiwa gobe. Wani lokaci ya kai, amma ga wani: maigadi, yaron gida, mai shagon kusa, wanda ya ajiye ya manta. Adireshinmu ma yana ba da tasa gudummawar, domin yawancinsa kwatance ne, "bayan masallaci, gida mai baƙin get", kuma a layi ɗaya ana iya samun baƙin get uku. Akwai kuma inda kaya suka isa ofishin kamfanin na garin da za a kai, ma'aikaci ya danna kalmar da ba ita ba. Sai sauran biyun da ba a so a faɗa: ɗan aike ya riƙe kayan, ko kwastoma ta karɓa ta musa. Abin lura shi ne, a cikin waɗannan dalilai shida, huɗu kuskure ne ko sakaci da za a iya gyarawa cikin yini ɗaya, kuma mai sayarwa da ke zaune a shagonsa ba shi da hanyar sanin wanne ne ya faru. Wanda bai san abin da ya faru ba, idan ya buɗe saƙonsa da "ɓarayi", ya yanke hukunci kafin a saurari shari'a.

2. Abin da za a yi kafin rubutu

Kafin ka taɓa mai kai kaya, koma wa kwastoma da tambayoyi uku, cikin ladabi, ba da sigar tuhuma ba. An kira ta a waya ranar? Ta tambayi maigadi da mutanen gida da maƙwabta? Idan an turo mata lambar sirri, ta faɗa wa wani? Ka roƙe ta ta rubuto amsar a rubuce, ta kuma ɗauko hoton jerin kiran da suka shigo wayarta a wannan rana. Kai kuma ka ɗauki hoton fuskar wayarka inda kalmar Delivered ta fito da kwanan wata da lokaci, domin ana iya canza abin da ke shafin daga baya. Ka nemo rasit ko webil, da hoton kayan da ka ɗauka kafin ka naɗe su, idan kana da shi. Wannan duka ba zai ci maka sa'a guda ba.

Sannan ka san wanda za ka rubuta wa. Idan kamfani ka biya, da kamfani kuka ƙulla, shi ke da alhakin ma'aikacinsa. Saƙo ya tafi ga ofishinsu ko lambar karɓar ƙorafi, ka tura wa ɗan aiken kwafi in kana da lambarsa. Idan kuwa mai babur ne mai zaman kansa ka ba hannu da hannu, shi za ka rubuta wa kai tsaye.

3. Ƙirar saƙon

Saƙo mai aiki yana amsa tambayoyi biyar a jere: wane kaya, me shafinku ya ce, me kwastoma ta ce, me nake nema, zuwa yaushe. Jerin yana da dalili. Ma'aikacin da zai buɗe saƙon yana da ƙorafe-ƙorafe da yawa a gabansa, kuma bai san ka ba. Idan lambar bin sawu ba ta cikin layin farko, amsar da za ka samu ita ce "turo lambar", rabin yini ya tafi a banza. Bayan lamba sai a ajiye maganganun biyu kusa da juna, ta shafin da ta kwastoma, ba tare da an ce wane ya yi ƙarya ba. Saɓanin da kansa zai yi magana. Daga nan sai buƙata, kuma nan ne mafi yawan saƙonni suke faɗuwa, domin suna cewa "ku duba mini" ko "ku yi wani abu". Wanda aka ce wa ya duba zai ce "muna dubawa" har mako biyu, kuma bai yi ƙarya ba. Wanda aka tambaya sunan mutumin da ya karɓa, da wurin, da sa hannu, ko dai ya kawo ko ya amsa cewa babu.

> Akwatin kalmomi
> Wa'adi: rana da lokacin da aka ayyana don a ba da amsa ko a cika aiki.
> Ƙimar da aka bayyana: kuɗin kayan da mai aikawa ya faɗa aka rubuta a webil ranar aikawa.
> Diyya: kuɗin da ake biya a madadin kayan da suka salwanta.

Misali na farko

A ɗauka wata mai sayar da atamfa a Kano ta aika turmi uku zuwa Kaduna, kowane turmi naira 18,000, jimla 54,000, ta biya kuɗin aike 4,500. Ta miƙa kayan ranar Litinin 3 ga wata. Ranar Talata da yamma shafin kamfanin ya nuna an miƙa. Ranar Laraba da safe kwastoma ta kira tana tambayar kayanta. Ga saƙon da irin wannan hali yakan fara jawowa:

"Wallahi ku ji tsoron Allah. Kun cinye mini kaya kuna cewa kun kai. Ku fito mini da kayana yanzu-yanzu ko in tona muku asiri a duniya."

A karanta shi da idon ma'aikacin da ya samu. Babu lamba, babu gari, babu kwanan wata, babu adadin kuɗi. Abin da ke ciki kawai zargi ne da barazana, kuma duka biyun sun ba shi abin da zai mayar da martani a kai maimakon ya nemo kaya. Yanzu ga saƙon da aka gina a kan tambayoyi biyar:

"Assalamu alaikum, barka da aiki. Ina magana ne kan ƙunshi mai lamba KN-4471 da na ba ku a ofishinku na Kano ranar Litinin 3 ga wata, za a kai Unguwar Rimi, Kaduna. Atamfa ce turmi uku, kuɗinsu naira 54,000 kamar yadda aka rubuta a webil, na kuma biya kuɗin aike 4,500. Shafinku ya nuna Delivered ranar Talata 4 ga wata da ƙarfe 5:42 na yamma. Mai kayan ta ce ba su iso ba, babu wanda ya kira ta ranar, ta kuma tambayi maigadi da maƙwabta ba a ba kowa komai ba. Ga hoton webil, da hoton shafinku, da na kiran da suka shiga wayarta. Don Allah ku turo mini sunan wanda ya karɓa, da wurin da aka miƙa, da sa hannu ko hoton da ɗan aikenku ya ɗauka, kafin ƙarfe 4 na yammacin gobe Alhamis. Idan kayan suna hannunku har yanzu, a gyara abin da ke shafin a kai mata. Idan kuma ba a same su ba zuwa Juma'a 7 ga wata, ina neman a biya ni naira 58,500, kuɗin kaya da na aike. Na gode."

A duba abin da wannan saƙo ya yi da dalilai shidan nan. Idan ɗan aike ya danna ne da niyyar kaiwa daga baya, jimlar "idan kayan suna hannunku har yanzu" ta buɗe masa ƙofar fita ba tare da kunya ba, sai ya kai kayan ya ce an samu kuskure. Idan maigadin wani gida ya ba, tambayar suna da wuri za ta mayar da shi can ya karɓo. Idan ya riƙe ne da gangan, yanzu ya san an rubuta, ofis ya gani, lokaci yana tafiya. Idan kuma kwastoma ce ba ta faɗi gaskiya ba, shaidar da za a turo ita za ta nuna, kuma mai atamfa ba ta zagi wanda bai yi laifi ba. Saƙo ɗaya ya dace da duk abin da zai iya kasancewa ya faru, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa neman shaida ya fi zargi. A kuma lura da lissafin: 54,000 da 4,500 sun ba da 58,500. An faɗi adadin a fili domin kada ranar biya a fara ciniki daga sifili.

4. Abin da za a iya cewa a kan wannan hanya

Wani zai ce a ƙasar nan sai da zafi ake samun haƙƙi, mai lallami yana ƙarshen layi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin ƙorafin da ba shi da haƙori lallai ana jefa shi gefe. Amma sai a tambaya, ina haƙorin yake? Zagi ba ya tilasta wa kowa komai. Ma'aikaci yana iya yin shiru, ko ya ce sai an yi magana da ladabi, ya kuma samu dalilin jinkiri. Abin da ke matsa wa kamfani shi ne tambayar da ba a kauce mata, da wa'adi mai rana da ƙarfe, da adadin kuɗi a rubuce. Saƙo na biyu a misalinmu ya fi na farko tsanani nesa ba kusa ba, sai dai tsananinsa yana cikin abin da ya nema. Ga kuma haɗari: wanda ya kira wani ɓarawo a bainar jama'a, sannan aka samu kayan a ɗakin maigadi, shi ya koma mai ba da haƙuri, wataƙila ma mai amsa ƙarar ɓata suna. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta aka watsa.

Wani kuma zai ce kiran waya ya fi sauri, me ya kawo dogon rubutu? A kira, babu laifi, sau da yawa kira ɗaya yana fito da kaya. Amma kira ba ya barin sawu. Gobe ɗan aike zai iya cewa bai ce haka ba, ko a canza ma'aikacin da ke kan teburin ka sake labari daga farko. Hanyar da ta haɗa biyun ita ce a rubuta tukuna, a kira a ce "na turo muku saƙo", bayan an ajiye waya kuma a rubuta abin da aka yi magana: "Kamar yadda muka yi da kai yanzu, Malam, ka ce kayan suna ofishinku na Kaduna, za a kai kafin azahar gobe." Idan bai musa ba, maganarsa ta zama rubutacciya. Saƙon murya yana tsakiya: ya fi kira domin yana zama, amma ba a iya nemo lamba a cikinsa da sauri, kuma wanda ya turo yana iya goge shi a WhatsApp. Wanda rubutu yake yi wa wuya ya yi saƙon murya, amma ya haɗa da hoton webil, ya kuma rubuta lambar bin sawu da adadin kuɗi da alƙaluma.

Ƙalubalen da ya fi ƙarfi shi ne na kamfanin kansa: "Na'urarmu ta nuna an kai, mu mun gama namu." Amsarsa ita ce abin da muka fara da shi. Abin da na'ura ta nuna shi ne an danna; abin da ake tambaya shi ne wa aka ba. Sai dai adalci ya sa a yarda cewa wani lokaci suna da shaida ta gaske, kuma idan suka kawo ta, lissafi ya canza.

Misali na biyu

A ɗauka kamfanin ya amsa wa mai atamfa cewa an shigar da lambar sirri daidai, don haka an miƙa. Ta koma wa kwastoma, sai ta canza magana ta ce e, wani ya kira ta da yamma ya ce shi ne ɗan aike, yana kusa, ta karanto masa lambar don ya "buɗe" kayan, ta karanto, daga nan ba ta sake jin ɗuriyarsa ba. A nan matsayin mai sayarwa ya yi rauni, domin an yi lambar sirri ne don a faɗe ta bayan an karɓi kaya, kuma kamfani zai tsaya a kan haka. Amma bai rushe ba. Lambar ta nuna cewa an yi magana da kwastoma, ba ta nuna kaya sun shiga hannunta ba. Saƙo na gaba sai ya faɗi gaskiyar abin da ya faru, kada a ɓoye: "Mai kayan ta ce an kira ta daga wannan lamba da ƙarfe 5:38 aka karɓi lambar sirri ta waya, ba a zo ba. Don Allah ku tabbatar ko wannan lambar ta ɗan aikenku ce, ku kuma faɗa mini inda yake lokacin da ya danna." Mintuna huɗu tsakanin kiran da dannawar su ne hujjar. Ɓoye batun lambar sirri kuskure ne babba, domin ranar da ya fito, duk sauran maganarka za ta zama abin shakka.

5. Iyakar abin da saƙo zai iya

Saƙo mai kyau ba ya gyara abin da aka ɓata ranar aikawa. Kamfanoni da yawa suna rubuta sharuɗɗa a bayan rasit ko a shafinsu, ciki har da iyakar diyya da adadin kwanakin da aka ba ka ka kai ƙorafi, don haka a karanta, kuma kada a bar kwana ya yi yawa. Wanda ya aika kayan 54,000 ya ce a rubuta 20,000 don a rage masa kuɗin aike, zai yi wuya ya nemi fiye da abin da ya sa aka rubuta da bakinsa. Wanda ya ba direba a tasha ba tare da rasit ba, abin da yake da shi shi ne lambar mota, lambar direba da shugabannin tashar, sai ya rubuta saƙon da waɗannan. Idan wa'adi ya cika babu shaida babu kaya, a tura saƙo na biyu gajere ga manaja, a ambaci na farko da ranarsa. Idan wannan ma ya ci tura, a Nijeriya hukumar gidan waya, NIPOST, ita ke ba kamfanonin aike lasisi, hukumar FCCPC da aka kafa da dokar 2018 kuma tana karɓar ƙorafi kan kaya ko aikin da aka biya ba a samu ba. Duk inda ka je, abin da za a fara tambayarka shi ne rasit da abin da kuka rubuta wa juna. Ita kuwa kwastoma, kai ta biya, ba kamfanin aike ba. Ka faɗa mata ranar da za ta samu kayanta ko kuɗinta, kada ka bar ta tana jiran ƙarshen rigimarka da wani.

Tambayoyin bita

1. Me ya sa aka ce kalmar Delivered da'awa ce? Wa ya kamata ya kawo shaida?
2. Kawo dalilai huɗu da za su sa a danna an miƙa alhali kaya ba su isa ba, ba tare da an yi sata ba.
3. Waɗanne tambayoyi uku za ka yi wa kwastoma kafin ka rubuta wa mai kai kaya?
4. A saƙo na biyu na misalin farko, nuna jimlar da ta ba ɗan aike damar gyara kuskurensa, da jimlar da ta sa wa'adi.
5. Mene ne bambancin "ku duba mini" da "ku turo mini sunan wanda ya karɓa"?
6. Wani ya aika takalma ƙafa huɗu, kowace naira 12,500, ya biya kuɗin aike 3,000. Nawa zai nema idan kayan suka salwanta? Me zai faru idan 30,000 ya sa aka rubuta a webil?
7. Kwastomarka ta faɗi lambar sirri ta waya kafin ta karɓi kaya. Za ka ambaci hakan a saƙonka? Kawo dalili.
8. Ɗauki kayan da kake sayarwa ko wanda ka sani, ka rubuta saƙo zuwa ga mai babur mai zaman kansa da ya ce ya kai alhali bai kai ba. Kada ya wuce jimla goma. Ka zo da shi aji na gaba, abokin zamanka ya karanta ya nemo tambayoyi biyar ɗin a ciki.